Abin da Malam Namadi Ya Ƙi Sa wa Farashi

Sana'ata rubuta wa mutane wasiƙa. Shekara goma sha tara ina zaune da tafireta a gindin dalbejiyar da ke kusa da gidan waya na Ƙauran Namoda, kuma a wannan zaman na ga masu kuka iri-iri: wanda aka riƙe wa fansho, wanda aka cinye wa gona, wanda ɗansa ya tafi Kurmi ya manta da gida. Yawancinsu na manta da fuskokinsu. Malam Namadi ne kaɗai har yau in na tuna shi nake jin kunya, domin da hannuna a cikin abin da ya same shi.

Malam Namadi marubucin Alƙur'ani ne. Mutumin Banga ne, amma tun yana saurayi ya dawo Ƙaura, ya zauna a wani ɗan gida bayan tashar jirgin ƙasa shi da matarsa Kulsumu. Dogo ne siriri, mai ƙaramar murya, kuma babban yatsansa na dama ya rine da tawada har ba ya wankuwa. Da ka yake rubutawa, ba ya duba wani littafi. Shi ke fiƙe alƙalumansa, shi ke dafa tawadarsa, baƙa don baƙaƙe, ja don wasulla. Daga hantsi zuwa azahar yana zaurensa a duƙe, in ka yi sallama sai ya kai ƙarshen aya kafin ya amsa. Da damina kuma ya tafi Banga ya noma 'yar gonar da ya gada, wadda geronta ke riƙe gidan shekara.

Ya rubuta Alƙur'ani goma sha ɗaya kafin wanda zan ba ku labarinsa, kuma duk sun fita daga hannunsa zuwa hannun masu so. Da abin da suka ba shi ya yi aure, ya yi rufin kwano, ya binne iyayensa. Ni da ku za mu ce sayarwa yake yi. Shi kuwa in kana son ka ga ɓacin ransa, to faɗi wannan kalma a gabansa. Hadiya ake cewa. Ba a taya Alƙur'ani, ba a cewa albarka, ba a rubuta masa rasit. Mai so zai aiko da wani ya ji abin da aka saba bayarwa, sannan ya kawo a cikin ambulan ya tura ƙarƙashin buzun malam, malam kuma ba zai duba ba sai baƙo ya fita. Malaminsa na Zurmi ne ya ɗora shi a kan haka ranar da ya ba shi izinin rubutu, ya ce masa duk ranar da bakinsa ya yanka wa maganar Allah farashi, to ya ajiye alƙalami. Shekara arba'in da ɗoriya Malam Namadi yana riƙe da wannan, kuma in ka cire ta ban san abin da ya mallaka da yake alfahari da shi ba.

Na goma sha biyun wani Alhaji Abbati ne ya nema, mutumin Shinkafi mai fataucin shanu da ke zaune a Agege. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara ce, kowa na ji da addini, Alhaji kuma yana so ya ajiye rubutun hannu na gida a masallacin da ya gina a can. Ya aiko da hadiyar gaba ɗaya tun kafin a fara, naira dubu saba'in. Malam ya yi wata goma sha huɗu a kan aikin. A lokacin idonsa na hagu ya riga ya yi yana, na daman ma sai ya kusa manna fuska da takarda. Shi da kansa ya gaya wa Kulsumu cewa wannan ne na ƙarshe.

Da a ce an bi yadda aka saba, da wani ɗalibinsa ne zai yi alwala ya rataya gafaka ya hau mota har Ikko. Amma azumi ya matso, Alhaji yana sauri, sai ya aiko da kuɗin aike ya ce a ba kamfanin Tantabara, masu kai saƙo cikin kwana uku. Tun da aka yi sabuwar jiha suka buɗe ofis a Gusau, suka kuma sa wakili a Ƙaura, wani Usmanu mai shagon kayan rubutu a bakin kasuwa. Usmanu mutumin kirki ne, a zauren Malam ɗin ma ya yi karatun allo. Kirkin nasa ne ya jawo rabin masifar.

Takardar aike tana da gurabe da ake cikewa: sunan mai aikawa, sunan mai karɓa, nauyi, abin da ke ciki, darajarsa a kuɗi, da ko za a sa inshora. Usmanu ya ba ni labarin yadda suka yi daga baya, yana yi yana share zufa.

"Na ce mai, Malam, nan wurin ana rubuta kuɗɗin kaya. Sai yad dube ni yac ce, 'Usmanu, kai da bakinka? Nawa kaka son in ce?' Wallahi Muhtari ji nay yi kamar ƙasa ta tsage in shige."

"To inshora fa?" na tambaye shi.

"Na hwaɗa mai naira biyu ta cikin ɗari. Yac ce shi ya ji malamai na cewa caca ta, kuma abin da Allah yay yi alkawalin tsarewa ba ya bukatar tsaron kamhwani. Mi zan ce ma malamina?"

Sai Usmanu ya rubuta "takardu" a gurbin abin da ke ciki, ya ja layi a gurbin daraja, ya ja layi a gurbin inshora. Ya ɗora kunshin a sikeli, kilo uku har da gafakar fata. Malam ya sa hannu da ajami, aka yage masa kwafinsa, ya ninke ya sa a aljihu.

Kwana uku suka wuce, bakwai suka wuce. Aka ga wata, aka ɗauki azumi, saƙo bai isa Agege ba. Usmanu ya yi ta zarya Gusau. Aka ce masa buhun ya bar Gusau, ya sauka Kaduna, an sa hannu. Daga Kaduna kuma babu wanda ya san inda ya bi. Malam dai haƙuri yake yi, yana ganin tashin hankali a kan abin da bai tabbata ba rashin tawakkali ne. Sai a rana ta ashirin da huɗu Usmanu ya jawo shi wurina, domin a bayan takardar an rubuta cewa mai neman diyya ya kai kokensa a rubuce cikin kwana talatin daga ranar aike, in ya wuce haka babu magana. Kuma mai aikawa ne ke nema, ba mai karɓa ba.

Na karɓi takardar na juya bayanta. Rubutu ne ƙanana da Turanci, irin wanda ake yi don kada a karanta. Na karanta. Na ga inda aka ce kayan da ba a faɗi darajarsu ba, ba a kuma sa musu inshora ba, abin da ke kan kamfani bai wuce naira dubu ɗaya a kowane kilo ba. Na gani da idona, kuma na fahimta sarai. Na ɗaga kai na ga tsoho yana kallona da ido ɗaya, leɓensa ya bushe da azumi, sai na kasa. Na ce masa, "Malam, za mu gwada." A raina ina cewa in manyan Ikko suka ji ko mene ne ya ɓata, ai za su ji tsoron Allah. Shekara da shekaru ina rubuta wa ofisoshi takarda, amma na zauna ina wannan tunanin kamar yaron goye.

Na buga takardar koke, washegari muka hau mota zuwa Gusau. Jami'in da ke karɓar koke wani saurayi ne mai suna Yazid, mai ladabi, ya tashi ya ba Malam kujerarsa. Ya buga wa takardar hatimi da kwanan wata, ya ba mu kwafi, sannan ya lissafa mana abin da za a haɗa kafin fayil ya tafi hedikwata: ainihin kwafin takardar aike, rasit na kuɗin aike, shaidar cewa Malam shi ne Namadin da ke jikin takarda, wasiƙa daga Alhaji Abbati cewa bai karɓi komai ba, bayanin kamannin kayan ko hotonsu, da kuma shaidar darajarsu, wato rasit na ciniki.

"Babu rasit," in ji Malam. "Ba ciniki anka yi ba."

"To Baba, mi anka yi?"

"Hadiya ta."

Yazid ya sosa ƙeya. Ya ce shi ya gane, kakansa ma haka yake cewa, amma fom ɗin ba shi da gurbin hadiya. In babu rasit, sai dai a je kotu a yi takardar rantsuwa, a faɗi abin da aka sayar, wanda aka sayar wa, da nawa. In babu wannan, fayil ɗin bai cika ba, kuma fayil da bai cika ba ba ya motsi.

Malam ya tambaye shi ko yanzu za a iya biyan inshorar. Na ji tausayinsa a nan, domin na san abin da tambayar ta ci masa. Yazid ya ce a'a, ana sa ta ne ranar aike, kafin abu ya faru. Ya ƙara da cewa ko da an sa, abin da take biya shi ne darajar da aka rubuta a takarda, in an kawo shaidar cewa kayan sun kai haka. Ba ta biyan wata goma sha huɗu da aka yi a duƙe, ba ta biyan azumin da ke wucewa masallaci babu littafi, ba ta biyan ɓacin ran mai saye. Kayan da babu irinsu biyu ma, kamar rubutun hannu, sai an faɗa tun farko kamfani ya yarda zai ɗauka a kan haka.

Muka hau mota muka kamo hanyar gida har muka wuce rabi. Sannan Malam ya ce, "Muhtari, ba ni yin rantsuwar ga."

Ya riƙe wannan magana mako biyu. Abin da ya karya shi wasiƙar Alhaji Abbati ce. Ta zo da shaidar da muke nema, cewa bai karɓi kaya ba, amma a ƙasa ya ƙara layi biyu: ko dai Malam ya rubuta wani, ko ya mayar da abin da aka ba shi bayan salla. Ban ga laifinsa ba, shi ma dukiyarsa ce. Sai dai hadiyar ta riga ta shiga cikin gida tun bara, ta zama hatsi da magani da kuɗin asibitin ido. Rubuta wani kuwa, Malam ya gwada shafi ɗaya ya ga layukan suna hawa kan juna, ya wanke alƙalamin. Abin da ya rage gonar Banga.

Kulsumu ce ta aiko a kira ni. Ta tsaya bayan ƙyauren zaure tana magana, Malam na zaune a kan buzu.

"Malam Muhtari, ka gaya mai gaskiya. In yay yi takardag ga, za su biya?"

Nan ne ya kamata in faɗi abin da na karanta a bayan takarda. Na ce, "In babu ita dai, ba za su ko duba ba." Ba ƙarya na yi ba, amma Allah ya san ba ita ce amsar tambayarta ba.

"To ka ji, Malam," in ji ta. "In gona tat tahi, mi za mu ci? Kalma guda ta. Allah ya san zuciyakka."

Ni na buga takardar rantsuwar da hannuna. Na yi ta juya Turancin ko zan sami hanyar kauce wa kalmar, amma Yazid ya riga ya ce sai an rubuta sayarwa da adadi. Ranar Talata bayan salla muka je rajistar kotu. Ma'aikacin ya karanta da Turanci, ya fassara da Hausa, ya ce Malam ya maimaita. Malam yana da alwala. Aka miƙo masa Alƙur'ani bugun inji, ya karɓa da hannu biyu. Ya ce shi Namadi ɗan Ladan, ya sayar wa Alhaji Abbati Alƙur'ani rubutun hannunsa a kan naira dubu saba'in. Da muka fito na ce mu tsaya ya sha ruwa, ya ce in tafi kawai, zai zo daga baya. Na waiwaya na gan shi tsugune a jikin katanga ya rufe fuska da hannun riga.

Fayil ya tafi Ikko. Muka jira wata biyu da kwanaki. Duk ranar kasuwa Malam zai biyo ta gindin dalbejiya ya yi mini sallama, ba ya tambaya, ni ma ba na cewa komai. Zaurensa ya daina buɗewa da hantsi. Masu zuwa ɗaukar karatu ya tura su wurin wani.

Amsa ta zo ta hannun Usmanu, shafi ɗaya. Kamfani ya amince kunshin ya ɓata a hannunsa, yana kuma ba da haƙuri. Amma abin da aka ƙulla yarjejeniya a kansa shi ne abin da ke jikin takardar aike: takardu, babu daraja, babu inshora. Takardar rantsuwa da aka yi bayan ɓata ba ta canza abin da aka sa wa hannu ranar aike. Don haka za a biya kilo uku, naira dubu uku, a kuma mayar da kuɗin aike. Sai Malam ya sa hannu a wata takarda cewa ya karɓa, kuma magana ta ƙare daga nan.

Usmanu ya ce shi ba zai iya kai masa ba. Ni na je. Na same shi a tsakar zaure babu takarda babu tawada, yana jan carbi. Na karanta masa duka, ban rage ko kalma ba, tun da ragewar da na yi a baya ita ta kawo mu nan. Sannan na gaya masa cewa tun ranar farko na ga wannan sharaɗin na yi shiru. Na so ya zage ni. Bai yi ba.

"Kilo," ya ce. "A bisa kilo sunka biya?"

"E, Malam."

"In nas sa hannu, sun daina biɗa nai ke nan?"

"Sun rufe fayil ke nan."

"To ba ni sa wa. Su riƙe kuɗɗinsu, su ci gaba da biɗa. Ban san inda yake kwance ba, Muhtari. Ban san ko mi anka ɗora bisa nai ba."

Ban gaya masa cewa ko ya sa hannu ko bai sa ba, babu mai sake neman komai ba. Wannan shirun dai ban yi nadamarsa ba.

Kafin damina ya sayar da gonar Banga ga wani maƙwabcinta, ya aika wa Alhaji Abbati dubu saba'in cif ta hannun direban shanu. Abin da ya rage suka ci shi da Kulsumu har ya ƙare, daga nan sai abin da tsofaffin ɗalibai suka kawo. Ban taɓa jin ya yi kukan gonar ba, ko sau ɗaya.

Bayan an yi shuka ya zo wurina, Kulsumu ta haɗa shi da sanda domin idon daman ma ya fara tafiya. Ya zauna a bencin masu jira har na sallami mutum biyu, sannan ya matso ya ajiye naira ashirin a kan tafireta, kuɗin wasiƙa. Na tura masa, ya sake turowa.

"Wasiƙa nika so ka buga ma mutanen Ikko."

"Malam, ba za su ƙara ko kwabo ba."

"Ba kuɗɗi nika biɗa ba. Takardag ga ta rantsuwa. Tun da sun ce ba ta yi musu amfani ba, su maido min abina."

Na ce masa takardar ta zama ta fayil, ba a fitar da ita, kuma ko sun dawo da ita akwai kwafi a rajistar kotu da lamba da hatimi. Ya juya sandar a hannu.

"To a kotun, ba a janyewa?"

"Sai dai a yi wata rantsuwar, a ce ta farkon ba daidai ba ce."

"Watau in rantse ƙarya nay yi."

"Haka ne, Malam."

Daga nan ya ce in buga wasiƙar duk da haka. Na sa takarda a tafireta na buga, na karanta masa, ya sa hannu da ajami, harafin farko ya hau kan na biyu. Ni na saya mata kan sarki na jefa a akwatin gidan waya.

Ba a amsa ba. Ya rayu shekara biyu bayan haka, kuma duk lokacin da ya ji muryata a ƙofar zaure, kafin mu gama gaisawa sai ya ce, "Muhtari, sun maido?"